Yadda ake gano dalilin da moton sitefa ke tsallake taku, da gaskiyar maganar gutsura taku

A watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya hura wa yatsunsa iska kafin ya riƙe sukundireba, wani ƙanin abokina ya kira ni shagonsu da ke wajen Titin Bauchi. Suna da ƙaramin injin leza da suke yanka falawud da shi, suna yi wa mutane allunan suna da kyaututtukan biki. Ya miƙo mini allo uku da suka lalace. A kowanne, rubutun yana farawa daidai, sai a tsakiya rabin harafi ya goce, sauran aikin duka ya bi shi a goce.

"Yaya, moton nan ba shi da ƙarfi," in ji shi. "Na ga wani jadawali da ya nuna in ka raba taku gida 16, kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ne kawai ke saura. Shi ya sa na cire jamfofin duka na mai da shi cikakken taku. Amma wallahi abin sai ya ƙara lalacewa."

Jamfar da yake nufi ba ta sawa ba ce, ƴan ƙananan hulunan nan ne da ake tura wa ƙafafun allo a ƙarƙashin direba, wato ɗan allon da ke ba moto wuta. Jadawalin da ya gani gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ta kai shi ta baro. Zan bi aikin kamar yadda muka yi shi a ranar, domin jerin matakan yana da amfani: wanda ya fara da murɗe-murɗe kafin ya yi awo, zai kwana bai san me ya gyara ba.

Ga abin da injin ke ɗauke da shi a layin Y, wanda shi ne mai matsalar: moto NEMA 17 samfurin 17HS4401, direba A4988 a kan allon da ke zaune bisa Arduino Uno mai manhajar sarrafa inji ta GRBL, wuta bolt 12, bel GT2 da fuli mai haƙora 20. Gadar da moton ke ja, da kan leza da komai, ta kai kilo 2.5.

Mataki na farko: auna gocewar kafin ka taɓa komai

Irin wannan moto yana yin taku 200 kafin ya zagaya sau ɗaya, kowane taku digiri 1.8. Tsakanin haƙori da haƙori a bel GT2 milimita 2 ne, fuli mai haƙora 20 kuwa yana jan milimita 40 a zagaye guda. Raba 40 da 200, ka ga cikakken taku ɗaya milimita 0.2 ke nan.

To ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Moton sitefa ba ya tsallake taku ɗaya, ko biyu, ko uku. In ya kuɓuce, huɗu-huɗu yake zubarwa. Dalilin yana cikin ƙirarsa: abin da ke juyawa a ciki yana da haƙora 50 na maganaɗisu, kuma yanayin wutar da ke cikin kwayil ɗinsa biyu, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke cikinsa, yana maimaita kansa ne bayan taku huɗu. In haƙori ya suɓuce daga inda wuta ke riƙe da shi, babu wurin da zai sake zama sai inda haƙori na gaba ya kamata ya kasance, wato digiri 7.2 daga nan. A wannan injin, hakan milimita 0.8 ne.

Saboda haka ɗauki banniya, ma'aunin nan mai baki biyu, ka auna gocewar a jikin aikin da ya lalace. Mu mun samu 1.6 a allo na farko, 0.8 a na biyu, 2.4 a na uku. Duk ƴaƴan 0.8 ne, moton ne ke kuɓucewa, ba wani abu ba. Da mun samu milimita 2 ko 6, da bel ne ke haure haƙorin fuli, sai a ɗaure shi. Milimita 4 ce mai ruɗu, domin tana shiga lissafin duka biyun, sai ka nemi wani aikin ka sake aunawa. Da kuwa gocewar ba ta bin wani ƙa'ida, yau 0.5 gobe 1.3, fulin ne ke zamewa a kan sandar moto. Ja layi da maka daga kan sandar zuwa jikin fulin, ka tayar da inji, in layin ya rabu ka kama ɓarawo. A ɗaure ɗan sukurun da alanki, kuma a tabbata ya zauna a kan gefen sandar da aka shafe.

Akwai iri na huɗu: aikin yana karkacewa a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar ginin da ba a sa masa igiya ba. Wannan ba rashin ƙarfi ba ne. Siginar taku ce ke ɓacewa ko ƙaruwa a hanya, ko wayar sigina ta kwanta kusa da wayar wuta mai hayaniya, ko bugun ya yi wa direba gajarta. A GRBL ana duba `$0`, saitin tsawon bugun, wanda ya saba zuwa a kan 10.

Mataki na biyu: tura gadar da hannu

Kashe wuta, zare filogin moton, ka tura gadar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kada ka taɓa zare moto alhali wuta na kan direba, direban na iya ƙonewa nan take, kuma da yawa sun koyi wannan darasi da kuɗinsu.

Hannu yana jin inda ta cije, amma hannu ba ya ba da lamba. Na ari ɗan sikelin rataye irin wanda ake auna jaka da shi, na maƙala a gadar na ja a hankali. Ya nuna gram 900, kusan niyutan 9 ke nan. Ya yi yawa ga injin da ba ya taɓa katako sai da haske. Ƙurar hunturu da toka ta yankan falawud sun haɗu da tsohon giris sun zama kamar ƙullu, sanyin safiya ya daɗa daskarar da shi, tayoyin kuma an matse su fiye da kima. Shi ya sa, kamar yadda yaron ya tuna daga baya, aikin safe ya fi lalacewa a kan na rana. Muka goge, muka sassauta notin tayoyin har sai da taya ke iya juyawa da yatsa biyu da ɗan ƙoƙari ba tare da gadar ta yi lakwa-lakwa ba. Sikeli ya dawo gram 400.

Mataki na uku: karan nawa ke shiga moton

Ƙarfin murɗawar moto yana bin karan, wato yawan wutar da ke ratsa kwayil ɗinsa. Takardar wannan moto ta ce amfiya 1.7 a kowane kwayil, ƙarfin riƙo kuma `0.4 N·m`. Amma a lura, ana auna wannan lamba ne moto na tsaye cik, kwayil biyun duka suna ɗauke da cikakken 1.7 ɗin. Kwayil biyun ba gefe ɗaya suke ja ba, kamar mutum biyu ne da ke jan kaya ɗaya, wannan ya nufi gabas wancan ya nufi arewa. Jimillar jansu ba 3.4 ba ce, 1.7 sau 1.414 ce, kusan 2.4.

A direban A4988 akwai ɗan sukuru da ake murɗawa. Sa baƙar wayar mita a `GND`, ja kuma a kan sukurun, abin da ka karanta shi ne `Vref`. Lissafinsa:

```
I = Vref / (8 × Rs)
```

`Rs` su ne ƙananan rezisto biyu da ke gefen cif ɗin. Karanta rubutun da ke kansu da idonka, domin ba duka alluna ke da iri ɗaya ba. Namu an rubuta `R100`, wato om 0.1. Mita ta nuna bolt 0.45, ke nan karan amfiya 0.56 ne kacal. Haka direban ya zo daga kanti, ba wanda ya taɓa saita shi.

Yanzu mu mai da wannan zuwa ƙarfin da bel ke ji. Amfiya 0.56 cikin 2.4 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, don haka moton yana ba da kusan `0.094 N·m`. Daga tsakiyar fuli zuwa inda bel ke zama milimita 6.37 ne, in ka raba za ka samu kusan niyutan 15. Cijewar gada ta cinye 9. Saitin ɗaukar gudu, `$121`, yana kan 2000, kuma tunkuɗa kilo 2.5 da ɗan nauyin cikin moton da wannan hanzari yana buƙatar niyutan 5 da ɗoriya. Tara da biyar sha huɗu, cikin goma sha biyar. Injin yana tafiya ne a bakin gaɓa, ƙwayar toka ɗaya a kan layi ta isa ta tura shi.

Muka murɗa sukurun a hankali, da sukundireba mai bakin roba don kada a haɗa wuta, har `Vref` ya kai 0.96, wato amfiya 1.2. Hakan ya ba da `0.2 N·m`, niyutan 31 a bel. Ban wuce nan ba. A4988 in ya haura amfiya 1 yana son ɗan ƙarfen sanyaya a kansa da fanka na hura shi. In ya yi zafi sosai yana ɗauke kansa na ɗan lokaci, ya huce ya dawo, kuma alamar wannan a bayyane take: aikin minti biyar yana fita lafiya, na rabin awa yana gocewa da tazara babba. Shi kansa moton, in ka ɗora hannu ka kasa barinsa na ƴan daƙiƙu, a rage karan, musamman in mazauninsa na roba ne.

Mataki na huɗu: abin da jadawalin nan ke faɗa, da abin da bai faɗa ba

Nan ne ainihin maganar, don haka zan daɗe.

Ka ɗauka kana jan buhu a ƙasa da robar tif. In kana tsaye daidai kan buhun, robar a sake take, ba ta jan komai. Ka matsa kaɗan, ta ja kaɗan. Ka ƙara matsawa, ta ƙara ja, har buhun ya biyo ka. Haka maganaɗisun moto yake da abin da ke juyawa a cikinsa. Direba yana matsar da inda wuta ke kira, sandar kuma tana biyowa a baya. Ƙarfin da moto ke bayarwa ya dogara ne da yawan tazarar da ke tsakaninsu:

```
T = Tmax × sin(θ)
```

A wannan lissafi, `θ` ita ce tazarar, `Tmax` ƙololuwar ƙarfi, cikakken taku ɗaya kuma shi ne digiri 90. In tazarar ta kai taku ɗaya cif, ƙarfi ya kai ƙololuwa. In ta wuce nan, ƙarfin sai ya fara raguwa maimakon ƙaruwa, sandar ta suɓuce, ta faɗa taku huɗu baya. Robar ta tsinke ke nan.

Gutsura taku, abin da masu sana'ar ke kira maikurositefin, shi ne direba ya riƙa rage karan a kwayil ɗaya yana ƙara wa ɗayan sannu-sannu, yadda wurin kiran zai riƙa matsawa da gutsure maimakon tsalle. Jadawalin da yaron ya gani yana amsa tambaya ɗaya ce tak: in aka matsa da gutsure ɗaya, nawa robar za ta ja? A rabin taku, kashi 70.7 cikin 100. A kashi ɗaya cikin 4, 38.3. A cikin 8, 19.5. A cikin 16, 9.8. A cikin 32, 4.9. Lambobin daidai suke. Amma wa ya ce dole tazarar ta tsaya a gutsure ɗaya? In kaya ya yi nauyi, sandar za ta ja baya da gutsure uku, ko takwas, ko goma sha biyu, ƙarfi yana ƙaruwa tare da tazarar, har zuwa gutsure 16 inda cikakken ƙarfin yake. Ƙarfin bai je ko'ina ba.

Mu gwada da namu. Gutsure ɗaya cikin 16 milimita 0.0125 ne, yana ba da kashi 9.8 na niyutan 31, wato 3. Cijewar gada 4 ce. Ka aika bugu ɗaya, gadar ba za ta motsa ba. Ka aika na biyu, ja ya zama niyutan 6, sai ta zabura ta bi. Ba a rasa taku ba, gadar tana biye ne a baya da abin da bai kai milimita 0.02 ba. In aka juya hanya, ta koma biyowa ta ɗaya gefen. Wannan ita ce hasarar gaskiya ta gutsura taku: lambar 0.0125 da ke kan takarda ba alkawari ba ne cewa injinka zai iya saka kansa daidai a kowane 0.0125. Mai son daidaito na gaske ya rage cijewa, ko ya sa ƙaramin fuli, ko ya sayi moto mai digiri 0.9. Ƙara yawan gutsure ba zai ba shi ba.

Sai tambaya ta biyu: shin cikakken taku bai fi ƙarfi ba ko kaɗan? Akwai inda maganar ta samo asali. In direba yana zuba cikakken karan a kwayil biyun lokaci guda, jimilla tana zama sau 1.414 na karan kwayil ɗaya, alhali a gutsure jimillar tana tsayawa a kan iyakar da ka saita. Daga nan ake cewa gutsure yana ba da kusan kashi 71 na cikakken taku. Amma wannan bambancin saitin karan ne, kuma zafin da moto ke yi a cikakken takun ninki biyu ne. A4988 ma ba ya yin haka. In ka cire jamfofi, kashi 70.7 na iyakar yake ba kowane kwayil, jimillar ta dawo daidai da ta gutsure. Yaron ya cire jamfa uku bai samu ko ƙwayar zarra ta ƙarin ƙarfi ba. Masu manyan direbobi irin DM542 za su ga layi biyu a jikin akwatin, `Peak` da `RMS`. Lambar `RMS` ce ake kwatantawa da amfiyar da ke jikin moto, wanda ya kwatanta da `Peak` ya rage wa kansa ƙarfi da hannunsa.

Mataki na biyar: nemo gudun da injin ke makyarkyata

Bai samu ƙarfi ba, amma ya samu wani abu daban, kuma shi ne ya sa abin ya daɗa taɓarɓarewa.

Duk wanda ya taɓa ɗauko ruwa a daro a ka ya san akwai irin tafiyar da ke zubar da shi. Ba sauri ba ne. Kana iya yin sauri ruwa ya zauna, kana iya yin sannu ya zauna, amma in takunka ya dace da yadda ruwan ke kai da komowa, kowane taku sai ya ƙara wa kaɗawar ƙarfi har ya jiƙa maka riga. Wannan shi ne rezonans. Moto da kayan da yake ja nauyi ne a bakin roba, suna da nasu saurin lilo. A cikakken taku, kowane bugu fizga ce: sandar ta zabura, ta wuce wurin, ta dawo, ta sake wucewa. In fizga ta gaba ta zo daidai lokacin da zai ƙara wa lilon ƙarfi, tazarar nan tana girma har ta zarce iyaka, moto ya zubar da taku huɗu, ko ya tsaya yana gurnani, wani lokacin ma ya ja da baya. Kuma duk wannan a ƙaramin gudu, inda kowa ke zaton ƙarfi ya wadata.

Ana iya hasashen wurin:

```
f = (1 / 2π) × √(50 × Tmax / J)
```

`J` shi ne nauyin juyi na moto haɗe da kaya. Na cikin moton `54 g·cm²` ne, gadar kilo 2.5 a bakin wannan fuli kuwa ta ninka shi kusan sau 19, jimilla wajen `1.07 × 10⁻⁴ kg·m²`. Da tsohon karan, amsar ta zo sau 33 a daƙiƙa. Taku 33 a daƙiƙa sau milimita 0.2, sau 60, ya ba da kusan milimita 400 a minti. Na tambaye shi gudun da yake yanka falawud da shi. Ya kalle ni ya ce, "Ɗari huɗu, Yaya."

Lissafin nuni ne kawai, domin bel ma yana miƙewa kuma firam yana da nasa motsin. Kunne ne ke yanke hukunci. Kashe leza, kai gadar wurin da take da fili, ka aika wannan:

```
M5
G21 G91
G1 Y100 F300
G1 Y-100 F300
```

Sai ka riƙa ƙara `F` da hamsin-hamsin. Ɗora yatsa a jikin moto. Za ka ji wurin da sautin ya canza daga waƙa zuwa kwarakwaf, sukurori da duk abin da ke kan tebur suna rawa. Kafin mu ƙara karan mun yi wannan gwaji a cikakken taku, kuma tsakanin 350 da 450 tsabar kuɗin da na ajiye a kan gadar sai da ta yi tafiya da kanta ta faɗo. Bayan an ƙara karan, wurin ya matsa zuwa wajen 600, domin robar ta yi tauri. A riƙe wannan: ƙara karan ba ya kashe rezonans, matsar da shi yake yi, wani lokacin ma ya ƙara masa kaifi. Haka nan moto tsirara a kan benci, ba kaya a bakinsa, ya fi saurin haukacewa, kuma a gudu mafi yawa. Kada ka yanke wa moto hukuncin lalacewa da irin wannan gwaji.

Maganin farko shi ne abin da aka cire. Muka kashe wuta, muka mai da jamfa uku, `MS1`, `MS2` da `MS3`, wanda a A4988 ke ba da kashi 16. A DRV8825 jamfa ukun kashi 32 suke bayarwa, a kiyaye in an canza direba. Sannan aka gyara lissafin taku, 3200 a raba da 40:

```
$101=80
```

Fizga ɗaya mai girma ta zama ƙananan turi goma sha shida, kowanne bai isa ya tayar da lilo ba. Muka sake bin gudun daga 300 zuwa 800. A wajen 600 akwai ɗan amo da kunne ke kamawa, amma tsabar kuɗin ba ta motsa ba. In da girgizar ta ƙi tafiya, abin da ya rage shi ne a kauce wa wannan gudun a aiki, ko a sa mazaunin moto mai roba a tsakani, ko a koma direba irin TMC2209 wanda ke karɓar kashi 16 ya daɗa gutsura shi zuwa 256 a cikinsa.

Mataki na shida: iyakar gudu

Ɗaya gefen da moto ke suɓucewa shi ne babban gudu, lokacin da kan leza ke tsallakawa daga wannan harafi zuwa wancan. Kwayil ba ya karɓar karan nan take, yana ɗaukar lokaci kafin ya cika, kuma moton da ke juyawa janareto ne, yana haifar da tasa wutar da ke ture ta direba. Gwargwadon gudu, gwargwadon boltejin da ake buƙata don cusa amfiya 1.2 ɗin nan. A wannan moto, a zagaye biyu da rabi a daƙiƙa, wato milimita 6000 a minti, bolt 12 ya isa har da saura. A zagaye bakwai da rabi, abin da ake buƙata ya ɗan haura 12, karan ya kasa cika, ƙarfi ya zube. Alamarsa ba ta kama da ta rezonans: moto yana yin ƙara mai tsini kamar fito, gadar ta tsaya cak, ba ta sake kamawa sai gudu ya sauka. Murɗa `Vref` ba ya taimakawa a nan. Boltej ne magani, A4988 yana ɗaukar daga bolt 8 zuwa 35, kuma komawa 24 yana kusan ninka gudun da ƙarfi ke kaiwa. Sai dai a duba kafasitocin allon, kuma kan leza mai bolt 12 a raba masa tasa wutar.

A nan ne kuma gutsure ke da farashi na biyu. GRBL a kan Uno yana iya fitar da bugu kusan 30,000 a daƙiƙa. Da bugu 80 a milimita, iyakar ta haura milimita 22,000 a minti, ba za mu kai can ba. Da kashi 32 ne, bugu 160 a milimita, da iyakar ta dawo wajen 11,000. Wanda ya zarce wannan zai ga injin yana yin abin da ba a gane kansa ba, ya ɗora wa ƙarfin moto laifi, alhali allon ne numfashinsa ya ƙare. A ganina kashi 16 ya wadatar da kusan duk ƙaramin injin bel, kashi 8 kuma ga mai sandar zare wanda dama bugunsa a milimita yana da yawa.

Yadda muka saita: aka manna tef a jikin layi, aka ja alama da fensir daidai gefen gadar. Aka ɗaga `$111` sama, aka riƙa tura gadar milimita 250 gaba da baya sau ashirin, ana ƙara gudu, ana duba ko ta dawo kan alama. A 16000 ta yi fito ta tsaya. Ban zauna kusa da nan ba, na sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗaukar gudu kuwa har 5000 bai zubar da taku ba, amma firam ɗin yana jijjiga a kwana, gefen haruffa ya fito da ƴan igiyoyi, don haka kyan aiki ne ya tsayar da mu, ba moto ba.

```
$111=10000
$121=1500
```

Yanzu cijewa 4, ɗaukar gudu 4, takwas ke nan cikin talatin da ɗaya. Na ce masa gobe da sassafe, kafin rana ta ɗumama shagon, ya maimaita gwajin tef ɗin sau hamsin, domin a lokacin ne giris ke nuna halinsa. Bayan sallar Asuba da ɗan jimawa ya turo mini hoto: bakin gadar yana zaune a kan layin fensir, ga kuma allon maigidansa na huɗu a gefe, haruffan a jere. Ya tambaya ko ya yi wa layin X irin wannan. Na ce ya fara karanta rubutun da ke kan rezistocin direban, domin na lura launin allonsa ba ɗaya ba ne da na Y.